Littafin Python ko ƙaton littafin C++: da wanne zai fara?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan Jos, ban taɓa rubuta firogiram ko layi ɗaya ba. Wani mai sayar da littattafai ya nuna min Python Crash Course da wani ƙaton littafin C++, ya ce na biyun ne na manya. Kuɗin ɗaya kawai gare ni. Wanne zan ɗauka, kuma me zan karanta bayansa har in iya haɗa abu da kaina?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki na Python, ka bar masa ƙaton ya ci gaba da danne masa takardu kada iska ta kwashe.

Na sayi irin wannan ƙaton littafin shekarun baya a wani teburi ta wajen Taminus, saboda kaurinsa ya burge ni, shafi sama da dubu. Sati uku na yi ban ga komai ya fito a allo ba, ina ta fama da saita kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa abin da na'ura za ta gudanar. Da na wuce wannan sai na ci karo da alamomin da ba a yi min bayaninsu ba sai can tsakiyar littafi. Yana nan a saman wadirof ɗina. Ba zan ce harshen C++ ba shi da amfani ba, shi ake amfani da shi a injinan manyan wasanni da ƙananan na'urori, kuma idan makaranta ta ɗora maka shi dole ka karanta. Amma ba da shi ake koyon tatata ba.

Python Crash Course na Eric Matthes kuwa, shi ne littafin da na fara ganin na rubuta abu ya yi min aiki. Kashi biyu ne. Babi 11 na farko tushe ne, sauran kuma ayyuka uku: wasa, zana bayanai a jadawali, da shafin intanet da Django, wato kayan aikin Python na gina shafuka. Da sanyin Disamba na yi kashin farko, bayan sallar asuba, ina lulluɓe da bargo, kafin batirin laftof ya mutu. Yadda zan so ka bi shi ke nan.

Ranar farko aikinka ɗaya ne: ka sauke Python 3 daga python.org ka girka. Idan Windows kake da shi kuma akwatin girkawa ya nuna maka `Add python.exe to PATH`, ka danna masa alama kafin ka ci gaba. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, su rubuta `python` na'ura ta ce ba ta san shi ba, su ɗauka laftof ɗin ne ya lalace. Daga nan intanet ba ta zame maka dole ba har ka gama babi na 10, don haka kuɗin data ba uzuri ba ne.

Babi na 2 zuwa na 8 su ne ƙashin bayan abin, kuma kada ka tsallake ko ɗaya, don kowanne a kan na baya yake zaune. Za ka fara da ajiye lamba ko rubutu a ƙarƙashin suna, sai jerin abubuwa wato `list`, sai yanke hukunci da `if`, sai `dict` mai haɗa suna da ƙimarsa, sai maimaita aiki da `while`, sai tattara aiki wuri ɗaya da `def`. A cikin kowane babi akwai atisayen da aka sa wa suna Try It Yourself. Su ne karatun. Wanda ya karanta babi ya gyaɗa kai ya wuce bai yi su ba, kamar wanda ya kalli mai keke ne ya ce ya iya. Ka buga kowane misali da yatsunka, ban da kwafa da mannawa. Babi ɗaya a sati ya isa ga mai aiki ko ɗalibi, idan kana samun awa ɗaya a rana.

Ga yadda za ka gane ko babi ya zauna: rufe littafin, ka canza misalin zuwa abin gidanku. Ni abin da na ɗauka shi ne littafin bashin yayana, mai sayar da dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada. Masu abinci suna ɗaukar kaya su biya daga baya, shi kuma yana rubutawa a wani littafin makaranta da ruwa ya sha taɓawa. Bayan babi na 7 na zauna in rubuta abin da zai tara masa bashin kowa. Na sa kuɗin buhu 5000 don gwaji, na ce a ninka sau 3, sai allo ya nuna min `500050005000`. Na daɗe ina kallonsa. Ashe duk abin da `input()` ya karɓa rubutu ne, ba lamba ba, kuma idan ka ninka rubutu sau uku Python jera shi yake yi sau uku. Maganin shi ne a sa shi cikin `int()`.

Na gyara, na kai wa yayana da alfahari. Ya buga 5,000 da waƙafi kamar yadda kowa ke rubuta kuɗi, firogiram ya tsaya cak ya rubuto:

```
ValueError: invalid literal for int() with base 10: '5,000'
```

A nan na koyi abin da ya fi duk babin amfani: saƙon kuskure daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe yana faɗa maka irin kuskuren da abin da ya jawo shi, layukan da ke samansa kuma suna nuna lambar layin da aka yi tuntuɓe. Ga abin da na ƙare da shi:

```python
bashi = {}
while True:
    suna = input("Suna: ").strip().lower()
    if suna == "":
        break
    kudi = int(input("Kudi: ").replace(",", ""))
    bashi[suna] = bashi.get(suna, 0) + kudi
print(bashi)
```

Layi takwas ne, amma babi huɗu ne a cikinsu. Wannan `.strip().lower()` ma sai da na sha wuya na sa shi, don na tarar mutum ɗaya ya zama mutum biyu a lissafi, sau ɗaya an rubuta sunansa da babban baƙi, sau ɗaya da ƙarami. Shi kuwa `.get(suna, 0)` cewa yake idan sabon mai bashi ne a fara masa daga sifili. Ranar da ka iya rubuta irin wannan ba ka leƙa littafi ba, ka kuma iya faɗa wa wani aikin kowane layi, ka gama zangon farko.

Babi na 9 kan `class` ne, wato haɗa bayanai da ayyukansu a matsayin abu ɗaya, kuma a nan kai yake ɗaukar zafi. Karanta shi, yi atisayen, idan rabi ka gane ka wuce, zai dawo maka a wajen aikin wasa ya zauna da kansa. Babi na 10 ne nake so ka daɗe a kai. Firogiram ɗin bashin nan da ka gani, da an rufe shi ko wuta ta ɗauke, komai ya tafi. A babi na 10 za ka koyi adana shi a fayil da `json`, da tare kuskure da `try` da `except` yadda idan wani ya buga "dubu biyar" da baƙaƙe za a sake tambayarsa maimakon komai ya rushe. Na 11 kan gwajin firogiram ne, gajere ne, kada ka raina shi.

Bayan haka ba sai ka sake sayen komai ba. Littafi na biyu shi ne Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, kuma kyauta ake karanta shi a automatetheboringstuff.com da yardar marubucin. Farkonsa maimaicin abin da ka riga ka sani ne, ka bi shi da sauri. Inda ribar take shi ne babukan aiki da fayiloli da Excel da CSV. Da su na mayar da lissafin yayana takardar Excel da yake buɗewa a wayarsa. Wasu suna farawa da wannan littafin kai tsaye, kuma yana yiwuwa, amma a ganina na Matthes ya fi haƙuri da wanda bai san komai ba, atisayensa kuma sun fi yawa.

Sai ka koma kashi na biyu na littafinka ka zaɓi aiki ɗaya, ba duka ukun ba. Idan shafin intanet kake hari, na Django, amma ka ba HTML, harshen da ake tsara shafin intanet da shi, sati ɗaya ko biyu tukuna. Idan lissafi da alƙaluma ne, na jadawali. Na wasan yana da daɗi, shi ne kuma zai gyara maka `class`. Kafin ka fara aikin ka koyi Git kaɗan, wato manhajar da ke adana tarihin gyare-gyarenka don ka iya komawa baya, akwai bayaninsa a ratayen ƙarshen littafin. `git init` da `git add` da `git commit` sun ishe ka a farko. Na taɓa lalata aikin kwana huɗu da gyara ɗaya ban da hanyar komawa baya, shi ya sa nake nanata shi. Idan ka gama aikin littafi, ka sake gina irinsa da naka batun, rajistar ɗaliban Islamiyya ko lissafin adashi. Duka tafiyar ka sa mata wata biyar zuwa shida, ba sati shida da ake tallatawa ba.

Yanzu batun mai littafin nan naka. Wanda ya ce maka kauri ne girma, ka sa masa ido. Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe shafin haƙƙin mallaka ka ga bugu na nawa ne. Na farko ya fito a 2015, na biyu a 2019, na uku a 2023. Na uku ka nema, na biyu zai yi maka kashin farko lafiya, amma a wajen Django za ka riƙa cin karo da abubuwan da suka canza. Akwai masu manna sabon bango a kan tsohon bugu. Akwai kuma na jabu da aka buga daga fayil, kuma a Python wannan ba ƙaramar matsala ba ce, don tazarar da ke farkon layi tana cikin ma'anar firogiram. Idan bugun ya cinye tazarar za ka buga daidai abin da ka gani, `IndentationError` ya fito, ka yi ta zargin kanka. Buɗe tsakiyar littafin ka duba: layin da ke ƙarƙashin `if` ko `for` dole ya shiga ciki.

Idan ya ce wannan ya ƙare ga wani na Python mai araha, nemi inda aka rubuta `print`. Ka ga `print "sannu"` ba baka biyu, ko ka ga `raw_input`, to Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020. Ko kyauta ya ba ka kada ka karɓa. Haka masu filas da ke cewa sun loda maka littafi ɗari biyu da bidiyo, rabin abin da ke ciki kyauta yake a intanet, sauran tsofaffi ne, kuma mai littafi ɗari biyu ba ya gama ko ɗaya.

Idan laftof bai samu ba tukuna, Pydroid 3 a wayar Android zai kai ka har babi na 8, sai dai buga tazara a allon waya akwai ciwon kai. Ƙaramin kibod mai haɗuwa da waya zai rage maka wahalar, amma ka gwada shi da wayarka a gaban mai shagon kafin ka biya.