Neman ƙarin albashi, sauya ma'aikata, ko sauya sana'a: wanne ya fi riba ga mai farawa a Kano?

Ɗan yayata akawu ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Bompai, shekararsa biyu ke nan a wurin. Naira 120,000 ke shigowa asusunsa a ƙarshen wata. Da muka zauna muka lissafa kuɗin mota, data, abin da yake bayarwa a gida da adashen haya, sai muka tarar 105,000 na tafiya, 15,000 ke saura. Ya zo ne yana tambayata inda zai zuba wannan dubu goma sha biyar ɗin ta haihu. Na ce masa ya ajiye wannan tambayar tukuna. Ko ya samu inda za a ba shi ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara, 180,000 ɗin da zai tara ba za ta haifa masa fiye da 36,000 ba. Amma in albashinsa ya ƙaru da 25,000 kacal, kuma bai ƙara kashewa ba, rarar da yake samu ta tashi daga 15,000 zuwa 40,000 a wata, wato 480,000 a shekara. Mai ƙaramin jari, abin da ke shigowa ne ya kamata ya fara gyarawa.

Hanyoyi uku ne a gabansa, kuma kowacce na da farashinta kamar kaya a kanti.

Mafi arha ita ce neman ƙari a inda kake. Ba ta cin ko kwabo, kunya kawai take ci, kuma a nan ne da yawanmu muke faɗuwa. Mutumin da zai yi rabin awa a Kantin Kwari yana taya shadda, ana ce masa albarka yana ƙarawa da kaɗan-kaɗan, shi ne in ya tsaya gaban maigida sai ya ce "duk abin da aka bayar Allah ya sa albarka." Abin ya fi tsanani in wani babba ne ya kai ka wurin, ko mai kamfanin aminin mahaifinka ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shiga da kuka: abinci ya yi tsada, mai ya tashi, iyali sun ƙaru. Duk gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Amma maigidan ma a kasuwar nan yake, zai ce maka shi ma dizal ya cinye shi, a tashi a haka. Abin da ke motsa shi shi ne lissafin asarar da zai yi in ka tafi. Don haka na ce wa yaron ya rubuta abubuwa uku da aka ɗora masa bayan an ɗauke shi, waɗanda ba sa cikin aikin da aka yi ciniki a kai. Ya samu: shi ke bin bashin diloli yanzu, shi ke ƙirgar sito duk ƙarshen wata tun da mai yi ya bar aiki ba a maye gurbinsa ba, kuma shi ya gano wani rasit da aka biya sau biyu. Sannan ya tambayi abokan karatunsa uku masu irin aikinsa a Sharaɗa da Challawa nawa suke karɓa, don ya san farashin kasuwa, kada ya taya abin da za a yi masa dariya.

Lokaci ma na da nasa. Kada ka tare mutum ranar biyan albashi ko ranar da kaya suka maƙale a hanya, kuma kada ka yi a gaban sauran ma'aikata. Ka nemi ganinsa shi kaɗai, bayan wani aiki ya fita da kyau. Ka kuma faɗi adadi da bakinka: "Ranka ya daɗe, da 120,000 aka ɗauke ni kan littafin shiga da fita. Yanzu ga bashin diloli, ga sito. Ina roƙon a duba a mai da shi 155,000." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya amsa. In ya ce "za mu duba," ka tambaya cikin ladabi wane wata za ka dawo. In watan ya zo aka sake cewa za a duba, to amsar ke nan ka samu.

Iyakar wannan hanya ita ce ƙarin ba ya yawa, domin maigida yana auna ka ne da tsohon albashinka, kuma yana tsoron in ya ƙara maka sauran ma su taso. Ma'aikacin gwamnati kuwa wannan ƙofar a rufe take. Albashinsa yana kan jadawali, mataki-mataki. Ƙarin nasa sai dai na kowa da kowa, kamar lokacin da aka mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000. Cinikinsa yana wurin matakin da aka ɗauke shi, da takardar ƙarin karatu da zai kai a gyara masa.

Hanya ta biyu, komawa wata ma'aikata da irin aikinka, ita ce ta fi kawo tsalle mai girma, domin sabon wuri yana saye ne a farashin yau. Amma a nan ne aka fi yin sakin reshe a kama ganye, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya ɗauki biro.

An yi wa yaron tayi a wata masana'anta a Challawa, 180,000. Ya kira ni murya na rawa, wai ƙarin dubu sittin. Na tambaye shi: wannan jimilla ce kafin a cire komai, ko abin da zai shigo asusu ne? Bai sani ba. Da ya tambaya, jimilla ce. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri, mai aiki ya ƙara kashi 10. A takardarsu waɗannan ukun sun kama 150,000, don haka 12,000 ta fita. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan uku ana cire kashi 15, wanda a lissafinsa ya kama wajen 15,000 a wata. Saura kusan 153,000. Daga gidansu zuwa Bompai hawa ɗaya ne, zuwa Challawa kuwa sai ya sauka ya sake hawa, ƙarin kusan 1,000 a rana zuwa da dawowa, kuma suna aiki har Asabar: 26,000 a wata. Dubu sittin ɗin nan ta koma wajen dubu bakwai.

Ban ce tayin banza ba ne. A tsohon wurinsa ba a biya masa fansho, a nan kuwa 27,000 za ta riƙa shiga asusun fanshonsa duk wata, nasa 12,000 da na kamfani 15,000. Kuɗinsa ne, sai dai ba zai ci tuwo da su bana ba. Kuma sunan babbar masana'anta a takardarsa zai ɗaga farashinsa nan da shekara biyu. Amma da ya san haka, sai ya koma musu da lissafin, ya ce abin da zai sa ya motsa shi ne 175,000 a hannu bayan an cire komai, ko kuma a sa shi cikin motar ma'aikata. Wannan shi ne lokacin da kake da ƙarfi: bayan sun ce kai suke so, kafin ka sa hannu. Da ka fara aiki, ka koma layin masu jiran a duba.

In a intabiyu aka tambaye ka nawa kake karɓa yanzu, kada ka yi ƙarya, garin nan ƙarami ne ga masu sana'a ɗaya. Ka faɗa, ka haɗa da abin da kake nema da dalilinsa. Kada ka ajiye aiki da alkawarin baki, sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannunka da adadi a rubuce, ka kuma duba notis ɗin da tsohon wurinka ya gindaya. Ka tambayi mai gadi ko direban wurin ranar nawa ga wata ake biya. Albashin 200,000 da ake bin bashin wata biyu bai kai 130,000 mai zuwa a kan kari ba. Aikin ƙungiyoyin agaji yana da tsoka, amma na kwantiragi ne mai wa'adi, kuma waɗanda ke ciki sun ga yadda ayyuka suka tsaya cak a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta. Sannan kada ka kai wa maigida tayin wani wuri don barazana sai in da gaske ka shirya tafiya. Wani zai ce maka Allah ya kiyaye hanya.

Ta uku, sauya sana'a ɗungurungum, ita ce mai tsada, kuma masu tallar kwas ba sa faɗa maka cikakken farashi. A ce kwas ɗin haɗa sola ne ko na sarrafa bayanai a kwamfuta, kuɗinsa da kayan aiki 250,000, wata shida. In ka bar aikin 120,000 don ka yi shi, ka ƙara albashin wata shidan, 720,000. Farashin gaskiya 970,000 ke nan. In sabuwar sana'ar ta ba ka ƙarin 60,000 a wata, sai ka yi sama da wata 16 kana aiki kafin ka mai da kuɗinka, kuma wannan in ka samu aiki ranar da ka gama ne. In kuwa ka yi shi Asabar da Lahadi ko da yamma kana riƙe da aikinka, wata biyar ya ishe ka ka fanshe. Kafin ka biya, ka ce a haɗa ka da mutum uku da suka gama bara suna ci da sana'ar. In aka fara nuna maka hotunan albashin dala na mutanen da ba ka iya gani, riƙe kuɗinka.

A ganina wannan hanya ta wanda rufin sana'arsa ya yi ƙasa ce. Yadda ake ganewa: dubi wanda ya girme ka da shekara goma a aikin. In abin da yake karɓa bai wuce naka da wani abin kirki ba, kamar yadda ake gani a ƙananan makarantun kuɗi da yawa, ba ciniki ne zai fid da kai ba. Akawu kuwa rufinsa na da tsawo. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙara takarda a layinsa, jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, wadda ake yi mataki-mataki mutum na kan aikinsa, maimakon ya zubar da shekara biyun da ya riga ya tara ya koma ɗan koyo.

Mutanen Challawa ba su kai 175,000 ba, motar ma'aikata kuma ba ta bi ta unguwarsu. Sai ya shiga wurin maigidansa da takardarsa mai layi uku, bai ko ambaci tayin ba. Ya nemi 155,000, Alhaji ya yi dariya ya ce yaran yanzu sun iya lissafi, aka tsaya a 145,000. Na ce masa dubu ashirin da biyar ɗin nan kada ta kwana a asusun da yake cire kuɗin cefane. Ranar da ta shigo ya tura ta gefe, ita ce kuɗin rajistar jarrabawarsa.