Jadawalin rubutun bidiyo mai gida uku: ya biya, amma da saura

Na sauko da wani jadawali da aka tsara don masu bidiyon da ba a nuna fuska. Gida uku ne a jere: abin da murya za ta faɗa, hoton da za a nuna, sai rubutun da zai fito a kan allo. Na gwada shi da bidiyon minti ɗaya kan abin da ke kashe batirin waya.

Babban amfaninsa shi ne ba ya barin mutum ya yi zance a iska. Layina na farko cewa ya yi, "Kula da batir yana da muhimmanci." Da na zo gidan hoto sai na yi tsaye cik, don babu abin da kyamara za ta ɗauka a wannan jimlar. Na mayar da ita, "Ka bar wayarka a mota cikin rana, batirinta na tsufa tun kafin lokacinsa." Nan take hoto ya samu. Na shiga Pexels, shafin da ake samun hotuna da guntayen bidiyo, na rubuta `phone on car dashboard`, na zaɓi ɗan guntun da rana ke dukan gilashi. A gidan allo kuwa 35°C kawai na sa, wato zafin da Apple ke cewa kada muhallin iPhone ya wuce. Murya ta kawo dalili, hoto ya nuna wuri, allo ya riƙe lamba. Da a ce na kwafe jimlar duka na ɗora a allo, mai kallo zai riga muryar gamawa, ya wuce abinsa.

Inda jadawalin ya gaza shi ne lokaci. Babu gidan daƙiƙa ko ɗaya, alhali nan ne aikin ke lalacewa. Jimla mai cin daƙiƙa tara ba za ta zauna a kan hoto ɗaya ba, ido zai gaji. Dole na ƙara gida na huɗu, na karanta kowane layi da ƙarfi ina duba agogo, duk wanda ya haura daƙiƙa biyar na raba shi biyu ko na nemo masa hoto na biyu. Karatun zuci ba ya aiki a nan, don ba ya lissafa numfashi.

Haka kuma bai tanadi wurin nuna ko hoton na tsaye ne, 9:16, ko na kwance, 16:9, ba. Guntun da na fi so na kwance ne, da na yanke shi ya koma na tsaye sai wayar ta fice daga allo, aka bar ni da sitiyari.

Wanda ya saba rubutu kamar mai insha'i, wannan jadawali zai gyara masa hannu. Amma ya nemo hotunan tun kafin ya naɗi murya, domin sauya jimla ya fi sauƙi a kan neman hoton da babu shi.