Wata shida da kwamfutar da ba ta da katin girafik

Da zan haɗa kwamfutata ta farko, wani abokina ya nace sai na saka katin girafik na daban, wai in ba haka ba hoto zai riƙa sarƙewa. Ban bi shawararsa ba, don kuɗin ba su kai ba. Na ɗauki furosesa Intel Core i3-12100, wadda ke da nata sashen hoto a ciki, UHD Graphics 730, na jona sikirin a ramin HDMI na madabod.

Aikina bai wuce Word da Excel, imel, taron bidiyo da ɗan kallon YouTube da dare ba. A waɗannan ban ga gazawarta ba. Ba ta da ƙara kuma, tunda babu fankar kati da ke juyawa.

Sai a wata na biyu ta fara ba ni haushi. In na buɗe shafuka kamar ashirin a burauza ina kuma cikin taro, sai ta riƙa jan ƙafa, linzami ya tsaya cak na ɗan lokaci. Na ce to, maganar abokina ta tabbata. Har na fara neman kati, sai na ce bari in duba tukuna. Na danna Ctrl+Shift+Esc, na shiga Performance a Task Manager. GPU, wato sashen hoto, bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, amma Memory, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ya haura 90. Ashe ba a sashen hoto matsalar take ba. Shi na cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ɗiba, ni kuwa sanda ɗaya na saka mai 8GB. Na ƙaro irinta na cike 16GB. Sanduna biyu suna buɗe hanya biyu ta wucewar bayanai, abin da sashen hoton ke matuƙar so. Tun ranar ban sake ganin wannan tsayawar ba. Da kati na saya, da na kashe kuɗi ciwon yana nan.

Inda ta gaza kuwa, ta gaza. Ƙanena ya gwada wani babban wasa na zamani, hoton ya riƙa tafiya kamar ana buɗe shafukan littafi. Mai wasanni irin wannan ko mai tace bidiyo masu nauyi, kati ya zame masa dole.

Abu ɗaya da mai saye zai lura da shi: harafin ƙarshen sunan furosesa. i3-12100F ta fi araha kaɗan, amma wannan F ɗin na nufin babu sashen hoto a cikinta, ka kunna ba kati sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. A jerin Ryzen 5000 na AMD kuma G ake nema, kamar 5600G, domin 5600 zalla ba ta da shi.