Karkatar da kira lokacin Umara: zuwa layin Saudiyya ko zuwa wayar wani a gida?

Tambaya: "Jama'a, zan tafi Umara, kuma layina na Najeriya shi ne duk abokan cinikina suka sani. In karkatar da kiran zuwa layin da zan saya a Saudiyya, ko in karkatar wa ƙanena da ke shago? Wanne ya fi sauƙin kuɗi?"

Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Duk kiran da aka karkatar, kira biyu ne aka haɗa. Wanda ya buga maka yana biyan kuɗin da ya saba biya zuwa lambarka ta Najeriya, ko kwabo ba ya ƙaruwa a kansa. Daga lambarka zuwa inda ka karkatar kuwa, kai ne mai biya, kamar kai ka ɗauki waya ka buga wa wannan lambar. Daga katin da ke layinka ake cira, kuma da zarar ya ƙare, kira ya daina wucewa.

Idan wayar ƙanenka ka zaɓa, kiran cikin gida ne. Mu ƙaddara naira 15 ne minti ɗaya a tsarin da kake kai, kuma ana kiranka na minti 20 a rana. Naira 300 ke nan kullum, mako biyu ya kama naira 4,200. Abin da ka rasa kawai shi ne ba muryarka za a ji ba.

Idan layin Saudiyya ne, mai farawa da +966, kowane minti kiran ƙasar waje ne. Mu ƙaddara naira 150. Waɗannan minti 20 ɗin sun zama naira 3,000 a rana, mako biyu naira 42,000. Alƙaluman misali ne, ka sa farashin kamfaninka a madadinsu. Abin da ya fi damuna da wannan hanyar shi ne ba kai ke riƙe da linzami ba. Mai kira bai san kuɗinka ke tafiya ba, sai ya miƙe ƙafa yana gaisuwa, ya tambayi gida da kasuwa. Masu ɓatan lamba da masu talla su ma a aljihunka suke. Ga kuma wani cikas: ba ka san lambar Saudiyyar ba sai ka sauka ka sayi layin, don haka dole ka bar layinka a gida a cikin wata waya a buga maka umarnin, ko ka tafi da shi ya kama sabis a can kafin ka buga. Wasu kamfanonin ma ba sa yarda a karkatar zuwa ƙasar waje.

Ga yadda ake yi, ka rubuta lambar da +234 ko +966 a gaba, ka cire sifirin farko:

```
**21*lamba#   karkatar da duk kira
*#21#         duba ko ya kama
##002#        soke duk karkatarwa
```

Ka tsaya a kan 21, musamman idan da layin za ka tafi. Da 21, tun daga Najeriya kamfani ke juya kiran, wayarka ba ta ma ƙara. Amma na sharaɗi, wato 61 idan ba ka ɗauka ba da 67 idan kana kan wani kiran, sai kiran ya fara zuwa Saudiyya ya neme ka, sannan a mayar da shi lambar da ka sa. Nan ana iya cajarka sau biyu a kira ɗaya, kuɗin karɓa a ƙasar waje da kuɗin mayarwa, alhali ko sallama ba ka amsa ba.

Wani abin da mutane kan manta: saƙon tes ba ya bin kira. Lambar sirri da banki ke turowa da sanarwar shigar kuɗi duk suna sauka ne a wayar da layin yake ciki. Saboda haka ban so ka bar shi a gida ba in za ka yi hulɗar banki a can. Kiran WhatsApp shi ma babu ruwansa da karkatarwa, muddin akwai data zai same ka.

Ni dai a ganina, ka karkatar wa ƙanenka da 21 tun kana gida, ka sa wani ya buga ku ga wayarsa ta yi ƙara, ka zuba katin da zai kai ka dawo. Layin ka tafi da shi don saƙon banki, ka kashe masa data. Duk wanda maganarsa ta fi ƙarfin ƙanen naka, ya turo maka sunansa ka neme shi ta WhatsApp da datar layin Saudiyya bayan ka fito daga Harami. Ranar da ka sauka Kano ka buga ##002#, in ba haka ba za ka yi ta mamakin shirun wayarka, kati kuma na ta zurarewa.