Kuɗin saro yana ta hawa: wane lissafi ya fi faɗin gaskiyar riba?

"Ina sayar da shinkafa a Jidda da jarin wani ɗan'uwa, muna raba riba. Farashi kullum hawa yake yi, kuma manhajar shago ta ba ni zaɓi biyu: wanda ya fara shiga shi zai fara fita, ko matsakaicin kuɗin saro. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, mu ɗauka kun saro buhu 200 a Muharram kan Riyal 80, buhu 100 a Safar kan 90, sai wasu 100 a Rabi'ul Awwal kan 110, jimilla buhu 400 kan Riyal 36,000, sannan kuka sayar da 300 kan 115, aka samu 34,500.

A hanya ta farko, wadda manhaja ke rubutawa FIFO, ana ɗauka tsofaffin kaya aka fara sayarwa, saboda haka kuɗin saron abin da ya fita 25,000 ne, riba 9,500, buhu 100 da ke sito kuma darajarsu 11,000. A hanya ta biyu ana raba 36,000 da 400, kowane buhu ya tsaya a 90, kuɗin saro ya zama 27,000, riba 7,500, ragowar kaya 9,000. A nan wasu ke kuskure, su haɗa farashi ukun su raba gida uku su samu 93 da ɗoriya, sun manta cewa buhunan Muharram sun fi yawa.

Bambancin 2,000 ɗin bai ƙara ko halala ɗaya a aljihunku ba. Yana kwance a darajar da aka rubuta wa kayan sito, kuma zai fito idan an sayar da su. Harajin kashi 15 da ake ɗorawa kan ciniki ma bai sauya ba, domin kan kuɗin sayarwa ake lissafa shi.

Inda abin ke cizo shi ne ranar rabo. Maido da buhu 300 a farashin yau na 110 zai ci 33,000, wato 1,500 kaɗai za a iya cirewa ba tare da sito ya rame ba. Idan kuka raba 9,500, sauran kuɗin buhu 227 kawai za su saro. Idan 7,500 ne, 245. Alamar ita ce littafi na nuna riba, amma lodin da ke shigowa yana raguwa wata bayan wata.

Ni matsakaicin zan zaɓa muku, domin shinkafa kaya ce iri ɗaya, kuma ya fi rage kumburin riba, ko da yake bai kawar da shi ba. Hanya ta farko ta fi shi wajen nuna darajar sito kusa da farashin kasuwa. Ƙa'idar lissafi ta duniya da Saudiyya ke bi ta yarda da duka biyun, da sharaɗin a tsaya kan ɗaya ga kaya iri ɗaya. Ku rubuta zaɓin a yarjejeniyarku da mai jari, tare da adadin da za a ware na maido da kaya kafin a raba komai. Tsofaffin buhuna kuwa ku ci gaba da fitar da su da farko saboda ƙwari, ko wane lissafi kuka bi.