Hattara da masu sayar da gilashin awo na bogi

Jama'a masu aiki da madubin likita, ku yi hattara da wani mai talla a intanet da ke sayar da gilashin awo, wato gilashin nan mai ƙananan layuka da ake ɗorawa a ƙarƙashin madubi don a san ainihin girman abin da aka ɗauka a hoto. Na saya a hannunsa, na kuma yi asarar aikin sati biyu.

A jikin kwalin an rubuta milimita 1 da aka raba gida 100, kowane gida maikiromita 10 ke nan. Na ɗauki hotonsa da ruwan tabarau na ƙasa mai lamba 40, na ƙirga gida goma, suka cinye ɗigon hoto 1200. Gida goma maikiromita 100 ne, don haka lissafi ya ba ni ɗigo 12 a kowace maikiromita. Sai na ɗauki hoton jajayen ƙwayoyin jini ba tare da na taɓa komai ba, na samu faɗin ƙwaya ɗigo 45. Da na raba 45 da 12 sai ga maikiromita 3.75. Nan jikina ya yi sanyi, domin jar ƙwayar jinin mutum mai lafiya tsakanin 7 da 8 take.

Da farko kaina na zarga. Irin wannan kuskuren yakan faru idan an canza ruwan tabarau tsakanin hotunan biyu, ko an zuƙo da kyamarar waya, ko an rage girman hoto ɗaya. Na sake komai daga farko, amsa ba ta canza ba.

Abin da ya tona asirin ba ya cin minti biyu. A jikin tabarau na sama an rubuta WF10X/18. Idan ka raba 18 ɗin da lambar na ƙasa, 10 misali, za ka samu faɗin da'irar da ido ke gani: milimita 1.8. Ma'auni mai tsawon milimita 1 ya kamata ya ɗan wuce rabin da'irar ne kawai. Nawa kuwa, da na duba shi da na ƙasa mai lamba 10, ya cika ta har ya fita ta gefe biyu. Ashe milimita 2 ce aka raba gida 100, kowane gida maikiromita 20. Da na gyara lissafin zuwa ɗigo 6, ƙwayar ta dawo 7.5.

Na tura wa mai tallan hotunan, ya ce madubina ne ya lalace, washegari ya toshe ni. Takardar shaidar inganci da ya haɗo da ita ma, lambarta ɗaya da ta wata abokiyar aikina da ta saya a wurinsa. Duk wanda ya auna wani abu da gilashin nan, ya yi gwajin da'irar da na ƙasa mai lamba 10 tukuna, in nasa ma ya fita gefe ya ninka alƙalumansa sau biyu.