Ciwon kofaton doki: kafin ka je farmasi ka zubar da kuɗi, ga abin da ya kamata ka saya da wanda bai kamata ba

Saura kwana tara hawan sallah dokin kawuna ya kwance igiya da dare ya afka wa buhun gero da aka manta a bakin barga, ya ci iya cinsa. Washegari lafiya lau yake, har muna cewa Allah ya kiyaye, sai a kwana na biyu da asuba yaron da ke kula da shi ya zo a guje yana cewa kawu doki ya ƙi tafiya. Muka je muka tarar ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya tura nauyinsa baya kamar zai zauna, in ka ja shi ya juya sai ya yi ta nishi yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan garwashi. Wannan shi ne ciwon da likitocin dabbobi ke kira laminitis, a takardun Faransanci kuma fourbure, kuma tun daga ranar na gane yawancinmu masu dawaki a nan Damagaram kuɗinmu ba inda ya dace muke kai shi ba.

Bari in fara da abin da ke faruwa a ciki, don in ba ka gane shi ba duk abin da mai shago ya miƙo maka za ka karɓa. A cikin kofato akwai ƙashi, ƙashin nan a rataye yake da bangon kofato ta wasu siraran ganyayyaki na nama masu shiga juna kamar yadda za ka sarƙe yatsun hannuwanka biyu. Su ke ɗauke da nauyin doki. In ciwon ya zo sai ganyayyakin su kumbura su yi rauni su fara saki, ga kofato ba ya buɗewa balle kumburin ya samu wuri, shi ya sa zafin ke da tsanani haka. Sannan akwai babbar jijiya ta bayan ƙafa da ke jan ƙashin baya kullum, to da zarar riƙon gaba ya saki sai bakin ƙashin ya karkata ya nufi ƙasa, ko ƙashin gaba ɗaya ya nutse, in abin ya yi muni har ya huda tafin kofato. Ƙafafun gaba ya fi kamawa saboda su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Ka taɓa kofato ka ji ɗumi, ka sa yatsa a bayan gaɓar da ke saman kofato ka ji jini na bugawa da ƙarfi, to ba sai an gaya maka ba.

Abin da ke jawo shi a wajenmu, na farko hatsi ne, gero ko dawa ko dusa da yawa lokaci guda, musamman gab da sallah da kowa ke son dokinsa ya yi ƙiba ya yi sheƙi. Hatsin da ya wuce kima yana wucewa babban hanji ya yi tsami, gubar ta shiga jini, shi ya sa ba a ganin ɗingishin sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Sai sabuwar ciyawar farkon damina ga dokin da ya yi watanni kan busasshe, sai dokin da ya cika ƙiba wuyansa ya yi tauri da kitse, sai goɗiyar da ta haihu mahaifa ba ta faɗo ba bayan awa 3, sai zawo mai tsanani, sai sukuwa mai tsawo kan kwalta, da dokin da ƙafa ɗaya ta yi rauni ya jingina kan ɗayar kwana da kwanaki.

To yanzu sayayya. Ni na raba ta ne yadda za ka tarar da ita a kasuwa.

Fenilbutazon shi ne wanda aka fi dogara da shi ga ciwon ƙafar doki, kuma shi ne mai sauƙin kuɗi. Akwai na baki akwai na allura. In ka samu na baki, gari ko ƙwaya, shi za ka ɗauka, don na allurar a jijiya kaɗai ake yin sa, in ya zuba gefen jijiya ko aka soka shi a tsoka yana cin nama ya bar gyambo, kuma na ga dokin da wuyansa ya lalace a haka. Ma'auninsa miligiram 2.2 zuwa 4.4 a kowane kilo na nauyin doki, babban ma'aunin na ranar farko ne ko biyu kawai sannan a sauko. Ga dokin kawu da muka ƙiyasta kilo 350, ƙaramin ma'aunin ya kama miligiram 770 safe da yamma, wato kusan mililita 4 in kwalbar mai miligiram 200 a mililita ce. Kar ka yi ƙiyasi da dokin Turawa mai kilo 500 da ake rubutawa a takarda, namu ba su kai nan ba.

Fuluniksin ya fi tsada, amma shi ya fi dacewa in ciwon daga ciki ya taso, wato cin hatsi ko zawo ko mahaifa, saboda yana rage illar gubar da ke yawo a jini. Miligiram 1.1 ne a kilo, ga kilo 350 bai kai mililita 8 ba a kwalba mai miligiram 50. Shi ma jijiya ko baki, a tsoka yana iya jawo mummunan ruɓewar nama. Likitan da ya zo mana da shi ya fara kwana biyun farko sannan ya mai da mu kan fenilbutazon. Meloksikam kuma sau ɗaya ne a rana, miligiram 0.6 a kilo, ana ganin ya ɗan fi sauƙi ga ciki, sai dai a ciwo mai tsanani da yawa sun fi ganin aikin fenilbutazon, ni in doki zai daɗe kan magani ko tsoho ne shi nake tambaya.

Abu ɗaya da nake roƙonku da Allah, ukun nan dangi ɗaya ne, ba a haɗa biyu lokaci guda. Haɗawar ba ta ninka sauƙi, illa take ninkawa, gyambon ciki da na hanji da lalacewar ƙoda, balle a zafin Afrilu da Mayu na garin nan da doki ke rasa ruwa a jiki. Dokin da ba ya shan ruwa sosai kar a ɗura masa su. In ya daina ci ko kashinsa ya yi ruwa ko ƙasan cikinsa ya kumbura, a tsaya a kira likita. In ɗaya bai isa ba, abin da likitoci ke ƙarawa a kai shi ne farasitamol, miligiram 20 a kilo sau biyu a rana, ga dokinmu ƙwaya 14 kenan ta miligiram 500 a kowane sha, mutane na dariya in sun ji amma yana taimakawa.

Yanzu wanda ya fi ba ni haushi. Kafin likita ya iso kawu ya aike ni wani shagon magani, mai shagon ya ɗauko wata kwalba ya ce alhaji wannan ita ce mai ƙarfi, ka yi masa yau gobe zai yi sukuwa. Da likita ya duba jikin kwalbar sai ya nuna mani, fenilbutazon ne haɗe da deksametazon. Deksa da danginsa suna cikin magungunan da ake tsoron su tayar da wannan ciwon ko su ƙara shi, musamman ga doki mai ƙiba. Don haka ka karanta abin da ke cikin kwalba, kar ka tsaya ga babban sunan da ke gaba, in ka ga deksa a ciki ka ajiye. Ka duba ranar lalacewa, kuma kwalbar da ta sha rana a tebur cikin kasuwa ba ta kai ta farmasi ba ko da rabin kuɗi ce.

Kuma maganar "gobe zai yi sukuwa" ita ce babban tarko. Magani zafi yake rufewa, ba ya ɗinke ganyayyakin da suka saki. Dokin da ya ji sauƙi ka hau shi, kowane taku yaga riƙon yake ƙara yi. Kawu ya so ko a ja shi a hannu ranar hawa don mutane su gani, likita ya ce masa alhaji ka zaɓa, sallar bana ko doki. Wallahi ranar da muka ji kakaki daga fada doki na tsaye a barga sai da idon tsohon ya kawo ruwa, amma ya haƙura.

Abin takawa kuwa, a nan ne Allah ya yi mana gata. Ana sayar da takalman roba na musamman daga waje, suna da kyau in girman ya dace, amma tsada da jiran isowa, ciwon kuma ba ya jira. Takalmin ƙarfe na musamman sai ƙwararre kuma ba a farkon ciwo ba, buga ƙusa a kofaton da ke zafi azaba ce. Amalanke biyu na yashi mai laushi mara tsakuwa, a zuba ya yi zurfin kamu ɗaya, ya fi su duka a makon farko, don yashi na cika tafin kofato ya tallafe ƙashin daga ƙasa, doki kuma ya tona ya tsaya yadda ya fi masa daɗi, in ya so ya kwanta a bar shi. In za a fito da shi dole, a yanka soso mai tauri daidai kofato a naɗe da salatif.

Ƙanƙara ita ce sayayyar da na fi nadamar ba mu yi da wuri ba. Da tun daren da ya ci geron muka tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara har kusa da gwiwa, ba tsayawa, awa 48 zuwa 72, muka kuma kira likita tun kafin ɗingishi, da wataƙila abin bai kai haka ba, don a wannan tazarar ce sanyi ya fi aiki. Minti goma na zuba ruwan randa ba ya yin komai. Wahala ce, mun yi ta zirga-zirga wajen masu firigo muna canji cikin dare, mun yanka tsohuwar tiyub ta mota muka ɗaure ƙasanta ta zama kamar safa. Ƙuna da ƙarfe da tsaga da wasu ke yi a saman kofato, ciwo ne kan ciwo, kar ka biya kowa ya yi maka.

Abinci ma saye ne. Hatsi da dusa a ɗauke gaba ɗaya, ɗanyar ciyawa ma haka, a koma busasshiyar ciyawa kamar kilo 5 zuwa 6 a rana ga doki irin namu, a jiƙa ta awa ɗaya a zubar da ruwan don zaƙin ya ragu, a ɗan haɗa harawa kaɗan. Kar a bar shi da yunwa wai don ya rame, wannan wata matsalar ce daban.

Dokin kawu ya yi wata guda cur kan yashi, sai da ya yi kwanaki yana tafiya daidai ba magani sannan aka fara jansa a hannu. Bayan wata biyu zobba suka fito a bangon kofato, sun fi faɗi ta wajen dunduniya, farin layin da ke tafin ma ya buɗe ta gaba, alamar ƙashi ya ɗan motsa. Kofato ƙasa da santimita ɗaya yake tsiro a wata, sabo ya sauko gaba ɗaya kusan shekara ne, don haka duk mako huɗu zuwa shida mai gyaran kofato na zuwa ya rage tsinin gaba kaɗan-kaɗan, kuma buhun gero yanzu a ɗaki mai kwaɗo yake kwana.